Zanen gidan Alhaji ko takardun kotu?

"Ƴan uwa, ana son sayar mini da kashi 15 na wani kamfanin sufuri na ƴan gida ɗaya a nan Damagaram. In dogara da zanen kamfanoninsu da mai riƙe musu lissafi ya ba ni, ko in biya lauya ya tono takardu?"

Ƙanena, biya lauya. Zanen nan ka ajiye shi don sunayen kamfanonin da ke ciki, iyakar amfaninsa ke nan. Na taɓa dogara da irinsa, har yau ina da-na-sani.

A ciniki na biyu sai na ɗauki wata lauya, Allah Ya saka mata da alheri. Ta fara da ofishin rajista na kotu, ta ciro takardar RCCM, wato ta rajistar kasuwanci, da dokokin kafa kowane kamfani, ta bi masu hannun jari hawa-hawa, ba ta tsaya ba sai inda ta tarar da sunan mutum. Kamfanin da nake so, shi ma na sufuri ne na ƴan gida ɗaya, babban ɗa na da kashi 40, shi ne kuma ke zaune a ofis yana karɓar baƙi. Sauran 60 na wani uwar kamfani ne mai rajista a Yamai. Can ta je da ƙafarta. A uwar kamfanin, ƙanen mahaifinsu na da 45, sauran magada 35, ragowar 20 kuma na kamfanin sufurin ne da kansa. Wato kowane kamfani na riƙe da hannun jarin ɗayan.

Nan ta zaunar da ni. Dokar kamfanoni ta OHADA, wadda Nijar ke bi tare da wasu ƙasashen Afirka, ta hana kamfani riƙe hannun jarin wanda ya mallaki fiye da kashi 10 nasa. Mai ƙaramin kaso shi zai sayar, kuma kafin ya sayar, wannan kason ba ya zaɓe, ba ya cin riba. Ka cire 20 ɗin, saura 80, baffan na da 45 a ciki, ya haura rabi. Shi ke juya uwar kamfanin, ita kuma ta juya na sufuri, alhali sunansa bai fito ko sau ɗaya a zanen da aka ba ni ba. Da shi na koma na yi magana, cinikin kuma ya yi albarka.

Sai dai in kamfanin SA ne, wato société anonyme, rajistar kotu ba lalle ta nuna masu hannun jari na yau ba, sai ka sa a buɗe maka littafin hannun jari na kamfanin da takardar taronsu na ƙarshe.

Ka kuma yi hattara da dillalan da ke yawo da tsofaffin kwafi, har da masu ɗauke da sunan mamacin da ba a raba gadonsa ba. Takardar da ba lauyanka ne ya karɓo ta da sabon hatimi ba, kada ka ba da ko dala a kanta.