Na gwada USSD da SMS wajen kai wa manomanmu farashin riɗi a Gadarif ta ƙasar Sudan

Ni ke riƙe da littafin ƙungiyarmu ta manoma, mu ɗari huɗu, kuma mafi yawanmu ƙaramar waya mai madannai ce a aljihu. Da kakar riɗi ta zo, muka ɗauki wani kamfani da ke tura SMS da yawa a lokaci guda, yana kuma haɗa tsarin zaɓi na USSD, irin wanda ake danna * da lamba a rufe da #. Wata biyu na yi ina amfani da su duka.

SMS ne ya fara koya mini hankali. Na rubuta sanarwar farashi mai harafi 150, na sakankance tunda saƙo ɗaya yana ɗaukar 160. Da na duba lissafi sai na ga an caje mu saƙo 1,200 maimakon 400. Ashe ƙ, ɗ da ɓ ba sa cikin haruffan da SMS ya saba da su. Ko guda ɗaya ya shiga, iyakar saƙon ta faɗo zuwa 70, in kuma ya zarce sai a yayyanka shi 67-67. Nawa ya tashi gida uku. Kamfanin yana nuna adadin gutsattsarin a ƙasan akwatin rubutu, amma da ɗan mitsitsin rubutun da sai ka neme shi. Na cire lanƙwasar, "ƙasa" ta koma "kasa", kuɗin ya sauka. Sai dai da yawa cikinmu Larabci suka fi karantawa, shi kuwa 70 ɗin ce ƙa'idarsa, babu dabara.

USSD ba ya barin komai a waya. Muddin kana danne-danne layin a buɗe yake, ka yi nawa ya katse, ka koma farko. Wani dattijo ya zo mini da wayarsa, ya ce, "Ɗana, kafin in laluɓo tabarau abin ya gudu." Matakai biyar na tsara, na rage su zuwa biyu: zaɓi amfanin gona, ga farashi. Ƙorafi ya ragu sosai. Wani abin kuma, lambar sai an buɗe ta a kowane layi daban, Zain, MTN da Sudani, tamu kuwa layi ɗaya ta samu.

Wanda ke gona inda babu sabis, USSD bai san da shi ba. SMS kuwa yana jiransa a cibiyar saƙo, ya shigo da zarar mutumin ya nufo gari, shi kuma ya nuna wa dillali a rubuce. Don haka sanarwa na bar wa SMS. USSD na riƙe shi don rajistar buhuna, inda lamba kawai nake so mutum ya danna, domin amsoshin da ake turo mini ta SMS rabinsu gaisuwa ce da tambayar iyali.