Gwajin Saiwa Ko Gwajin Reshiyo: Wanne Ya Fi Idan n Ta Hau Sama?

Idan gaɓar jeri gaba ɗayanta tana cikin baka, an kuma ɗora n a saman bakan, gwajin saiwa na Cauchy ya fi gwajin reshiyo na d'Alembert sauƙin aiki nesa ba kusa ba. Wannan ne hukuncina bayan gwada su biyun a kan jeri iri ɗaya. Sai dai ɗalibai sun fi sabawa da na reshiyo, don shi ake fara koya musu, suna kai masa hannu ko a inda zai wahalar da su.

Tambayar da gwaje-gwajen ke amsawa ɗaya ce: idan aka yi ta tara gaɓoɓin jeri ba iyaka, jimlar za ta tsaya kan wani adadi ko kuwa ba za ta tsaya ba? Gwajin reshiyo, wanda ake dangantawa da aikin d'Alembert na 1768, yana raba gaɓa ta gaba da wadda ke bayanta, ya duba inda `|a_(n+1) / a_n|` ta nufa yayin da n ke girma. Na saiwa, wanda Cauchy ya kawo a littafinsa na 1821, gaɓa ɗaya yake kamawa, ya duba inda `|a_n|^(1/n)` ta nufa. A kira adadin da aka nufa L. In L bai kai 1 ba, jimlar tana tsayawa. In ya wuce 1, ba ta tsayawa. In ya zama 1 cif, gwajin bai ce komai ba.

Mu ɗauki `a_n = (n/(2n+1))^n`. Da gwajin saiwa, 1/n tana cinye n ɗin da ke sama, ya rage `n/(2n+1)` kawai. Wannan tana nufar 1/2, wanda bai kai 1 ba, saboda haka jimlar tana tsayawa. Layi biyu an gama.

Yanzu a bi da shi ta reshiyo. Dole a sa n+1 a duk inda n take, ciki da saman baka, sannan a raba. Bayan gyare-gyare ana samun wannan:

```
a_(n+1)/a_n = (n+1)/(2n+3) * (1 + 1/(2n^2+3n))^n
```

Sashen farko yana nufar 1/2. Na biyun ne ke da tarko: abin da ke cikin baka yana nufar 1, amma n ɗin da ke samansa tana ta girma, kuma irin wannan yanayi ba a yanke masa hukunci da ido. A nan sai an nuna cewa `1/(2n^2+3n)` tana ƙanƙancewa da saurin da ya fi girman n, kafin a ce sashen yana nufar 1. Amsar dai 1/2 ce, daidai da ta ɗazu, amma an sha doguwar hanya, kuma a wajen sa n+1 ne yawancin kuskure ke shigowa, musamman rubuta 2n+2 a maimakon 2n+3.

Fitowar amsa ɗaya ba dace ba ne. Tabbataccen abu ne cewa duk inda reshiyo ta nufi wani L, saiwa ma wannan L ɗin take nufa. Abin da wannan ke nufi a aikace yana da muhimmanci, kuma a ganina ba a nanata shi yadda ya kamata: idan reshiyo ta ba ka 1, kada ka ɓata lokaci kana gwada saiwa, ita ma 1 za ta ba ka. Jerin `1/n` da na `1/n^2` duka L ɗinsu 1 ne a gwaje-gwajen biyu, alhali na farko ba ya tsayawa, na biyu yana tsayawa. Sai a koma gwajin kwatanci ko na intagiral.

Amma akasin haka ba ya tabbata, kuma a nan ne saiwa ta fi ƙarfi da gaske, ba sauƙi kaɗai ba. Duba `a_n = 2^(-n + (-1)^n)`. Gaɓoɓinsa na farko su ne 1/4, 1/2, 1/16, 1/8, 1/64, 1/32. Reshiyo tana tsalle tsakanin 2 da 1/8 har abada, ɗaya sama da 1, ɗaya ƙasa, ba ta nufi ko'ina ba, don haka gwajin ya gaza. Saiwa kuwa tana ba da `2^(-1 + (-1)^n/n)`, guntun da ke kai-komo yana narkewa yayin da n ke girma, ya rage 1/2. Ana iya tabbatarwa da hannu: gaɓoɓin mara suna taruwa su ba da 1/3, na cika su ba da 2/3, jimla 1 cif. Dalilin bambancin shi ne reshiyo maƙwabta biyu kaɗai take kallo, duk wani hawa da sauka tsakaninsu yana rikita ta, ita kuwa saiwa matsakaicin saurin raguwar jerin tun daga farkonsa take aunawa.

Inda masu amfani da saiwa suka fi tuntuɓe shi ne idan abin cikin baka ya nufi 1. A `(n/(n+1))^n`, saiwa tana ba da `n/(n+1)`, L ya zama 1, gwajin ya yi shiru. Amsar tana wani wuri mai sauƙi: gaɓar kanta tana nufar 1/e, wajen 0.368, ba sifili ba, kuma jerin da gaɓoɓinsa ba su nufi sifili ba jimlarsa ba ta tsayawa. Canza abin sama zuwa `n^2` labari ya sauya. Saiwar `(n/(n+1))^(n^2)` tana cire n ɗaya kaɗai, ta bar `(n/(n+1))^n`, wadda ke nufar 1/e, don haka jimlar tana tsayawa. Wanda ya yi gaggawa ya ce cikin baka 1 ne, saboda haka L ma 1 ne, ya zubar da amsar da ke hannunsa.

Raunin saiwa faktoriyal ne. Ganin n a sama kaɗai bai isa a zaɓe ta ba. A `n!/n^n` akwai n a sama, amma `(n!)^(1/n)` ba ta warwaruwa sai da ƙiyasin Stirling ko makamancinsa. Reshiyo kuwa tana soke faktoriyal nan take, domin `(n+1)!/n!` n+1 ce kawai, abin da ya rage shi ne `(n/(n+1))^n`, wato 1/e kuma. A irin wannan jeri ba na ba da shawarar saiwa ko kaɗan.

Akwai kuma na tsakiya, irin `n^2/2^n`, inda lamba tsayayya ce ke ɗauke da n a sama. Duka biyun suna ba da 1/2 ba wahala, muddin mai saiwa ya riƙe cewa `n^(1/n)` tana nufar 1. Sai dai tafiyar hawainiya take yi: a n = 10 tana wajen 1.26, a n = 100 wajen 1.05. Wanda ke son leƙa amsa da kalkuleta zai ga saiwar wannan jeri a n = 10 tana 0.79, reshiyo kuwa ta riga ta sauko 0.605. Idan ainihin L yana kusa da 1, kamar 0.9, wannan jinkiri yana iya nuna maka adadi sama da 1 na tsawon gaɓoɓi da dama, ka ɗauka jimlar ba ta tsayawa alhali tana tsayawa. A irin wannan jeri, in da kalkuleta za a duba, a duba da reshiyo.