Ɗigo ɗaya ya ɓace, 22.4 ta koma 224: sharhina kan manhajar mayar da hoton littafi rubutu

Ina koyar da kemistiri a darasin yamma a Tudun Wada, nan Kaduna, ga yaran da ke shirin WAEC da NECO. Littafin da na fi so a babin lissafin mol, wato ma'aunin yawan sinadari a kemistiri, ba ni da shi, sai na aro a hannun wani abokin aiki da ke Kawo, ya ce kwana biyu kawai ya ba ni. Da a da ne, shagon fotokwafi zan nufa. A wannan karon sai na ce bari in gwada wata manhajar waya da ake ta yabo, wadda ke ɗaukar hoton shafi ta karanto rubutun da ke ciki (abin da ake kira OCR), tana kuma da maɓallin taƙaitawa. Ba zan kama sunanta ba. Wata uku ke nan ina aiki da ita, ga abin da na gani.

Shafi 14 na ɗauka a daren farko. An ɗauke wuta, sai na haska da fitilar wata wayar, littafin na kan cinyata. Abin da ya fito ya ba ni dariya: rabin kowane layi Turanci ne garau, rabin kuma wasu alamomi ne kamar kaza ta yi tono a kan takarda. Da safe na sake. Na fita baranda wajen ƙarfe tara, inda akwai haske amma rana ba ta bugun takardar kai tsaye. Na shimfiɗa littafin a kan tabarma, na danne gefensa da kwanon sha biyu, na riƙe wayar daidai saman shafin ba a karkace ba, shafi ɗaya a kowane hoto. Takardar littafin sirara ce, rubutun baya na leƙowa, don haka na sa baƙin kwali a bayan kowane shafi. Wannan dabarar kaɗai ta rage shirmen sosai. A nan dole in yaba wa manhajar: sakin layin da bayani ne zalla, ba lamba ba alama, ta karanto shi kusan ba gyara. Abin da zai ci mini yini guda a bugawa da hannu, ta gama shi kafin shayi ya huce.

Ganin haka na saki jiki, na danna maɓallin taƙaitawa, na samu shafi ɗaya da rabi mai daɗin karatu, na tura wa yara a zaurenmu na waya. Washegari wata ɗaliba ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, a takardar da ka turo an ce mol ɗaya na iskar gas yana cin 224 dm³, amma a allo ka rubuta 22.4. Wanne za mu riƙe?" Na ce, "Na allo za ku riƙe, ki ba ni wayarki in gani." Gaskiyarta. Ɗigon da ke tsakanin 22 da 4 ya faɗo daidai inda wani tsohon mai littafin ya ja layi da biro, manhajar ta ɗauka ɗigon da layin abu ɗaya ne, ta share su tare.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kuskuren ya fito a taƙaitaccen bayanin. A ɗanyen rubutun da manhajar ta fara fitarwa, kusa da 224 ɗin akwai wasu haruffa biyu da suka hargitse. Da na duba wurin, da sun ja hankalina na koma ga littafi. Taƙaitawar ta share hargitsin, ta gyara jimlar tsaf, ta bar lambar yadda take. Wato ta wanke masa fuska ta sa masa riga, ya shigo aji ba wanda ya tare shi a ƙofa. Tun daga ranar ban ƙara taƙaita komai ba sai na bi ɗanyen rubutun tukuna.

Da na zauna na gwama shafukan 14 da littafin, sai na lura kurakuran suna da maɓoyarsu, ba ko'ina suke ba. Ga kaɗan daga shafi ɗaya:

```
littafi:  6.02 × 10²³   22.4 dm³   H₂SO₄   NaCl   CO
manhaja:  6.02 x 1023   224 dm3    H2S04   NaCI   Co
```

Na farkon shi ne lambar Avogadro, wato adadin ƙwayoyin da ke cikin mol ɗaya. Ƙananan lambobin da ke hawa saman layi, manhajar sauko da su take yi su jeru da sauran, sai goma mai ɗauke da 23 a ka ta koma 1023. Yaron da ya buga wannan a kalkuleta zai samu dubu shida da ɗoriya, alhali ana maganar lamba mai sifili sama da ashirin. In kuma akwai alamar ragi a saman, kamar 10⁻³, sau da yawa ita ce ke fara ɓacewa, ƙaramin abu ya koma babba. A H₂SO₄ harafin O ya koma sifili, a NaCl ƙaramin l ya koma babban I, waɗanda a allon waya ba ka iya rabe su da ido. Waɗannan biyun ba su cika cutarwa ba, don duk mai kemistiri zai gane abin da ake nufi. Na ƙarshen shi ne mugu. CO iskar nan ce mai kisa da janareta ke fitarwa, nauyin mol ɗinta 28. Co kuwa ƙarfe ne, kobalt, nauyinsa kusan 59. Duka biyun alamomi ne na gaske, saboda haka ba abin da zai yi maka ƙara.

Maɓoya ta biyu ita ce wajen ɗinkin littafi, inda shafi ke lanƙwasawa inuwa ta kwanta. A shafin hagu ƙarshen layi ne ke faɗawa can, a na dama kuma farkonsa. A wani shafin hagu littafin ya ce CaCO₃ `insoluble` ne a ruwa, wato ba ya narkewa. An raba kalmar a ƙarshen layi, `in-` ya zauna cikin inuwa, `soluble` ya sauka layi na gaba. Manhajar ba ta ga `in-` ba. Jimlar ta fito lafiya lau a nahawu, ma'anar kuma ta juya baya: yana narkewa. Irin wannan ne ya sa yanzu nake bin bakin ɗinkin daga sama har ƙasa da yatsa, ina neman `not` da `in-` da `un-` da suka maƙale a can.

Akwai kuma na shafin da aka raba gida biyu, ko mai akwatin misali a gefe. Wani lokaci takan karanta layin hagu ta zarce na dama kamar jimla ɗaya ce. Wannan yana da sauƙin ganewa, don maganar ba ta haɗuwa. Maganinsa a yanka hoton gida biyu kafin a ba ta. Jadawali kuwa ban ma ƙara ba ta ba, lambobin kan sauya ɗaki, na jeri na uku ya koma na biyu. Da hannu nake buga shi.

Yanzu ga yadda nake yi. Ina ajiye ɗanyen rubutun yadda ya fito, in yi aiki a kan kwafi. Zagayen farko shara ce kawai: in cire sunan babi da lambar shafi da suka kutsa tsakiyar magana, in haɗa kalmomin da aka raba a ƙarshen layi. Lambar shafin ba na yar da ita, ina mayar da ita farkon sakin layi don in san inda zan koma. A zagaye na biyu ba na karanta bayani sam, lambobi da alamomi kawai nake bi, littafi a hagu waya a dama. In ka ce za ka karanta duka a tare, idonka zai riƙa gyara maka abin da ka riga ka sani, ka wuce kuskuren ba ka gani ba. Ni da na shekara ina koyar da 22.4, na karanta 224 ban ji komai ba.

In littafin ya riga ya koma hannun mai shi, hoton kuma bai fito ba a wurin, akwai dabarar da ta cece ni: a sa shafin ya tona kansa. A ƙasan wancan 224 ɗin akwai misalin da aka warware, mol 0.5 ya ba da 11.2 dm³. To 0.5 sau 224 ai 112 ne, 0.5 sau 22.4 shi ne 11.2. Lambobin biyu ba za su zama daidai a tare ba. Littafin lissafi da na kimiyya kusan kullum suna maimaita lambarsu a misali ko a tambayoyin ƙarshen babi, sai a sake buga lissafin a ga ko ya hau.

Inda na kasa tabbatarwa, ba na cikewa da ka. Ina sa alama kamar `[?47]`, wato a duba shafi na 47, kuma duk jimlar da ke ɗauke da alamar ba ta shiga taƙaitawa sai an warware ta. Na gwada barin alamun a ciki in danna maɓallin, sai na ga wani lokaci ta bar su, wani lokaci ta share su shiru. Don haka nake cire waɗannan jimlolin gefe. Bayan an taƙaita ma ina sake bin kowace lamba in ga ta yi daidai da gyararren rubutun. Shafin bayani zalla kan ci mini minti biyar, shafin lissafi kuwa ya kai ashirin, wani lokaci ma bugawa da hannu ya fi sauri.

Uwargida ta ga ina yi, ta ce in ɗaukar mata shafi biyu na littafin Hausa da take koyarwa da shi a firamare. Nan manhajar ta fi ba ni haushi. Na bar ta a kan Turanci, sai duk ƙugiyoyin suka zube: ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b. Ƙasa ta zama kasa, faɗa ya zama fada, baƙi ya zama baki, ɓata ya zama bata. Kowacce kalmar Hausa ce ta gaske, shi ya sa ba za ka iya cewa a sauya duka a lokaci ɗaya ba, sai ka bi ɗaya bayan ɗaya kana duba ma'ana. Na shiga saitin harshe na gyara, ta ɗan inganta, amma a tsohon bugu inda tawada ta cika ƙugiyar har yanzu tana faɗuwa. Uwargida ta karɓi wayar ta duba, ta ce, "Malam, bar shi kawai, zan kwafe da biro."

Zan ci gaba da amfani da manhajar a babukan da bayani ya fi yawa, kamar na gurɓatar iska da na man fetur. Babin lissafin mol da na ruwan asid kuwa, na koma shagon fotokwafi na bakin titinmu, taƙaitawar kuma ina yi da hannuna a kan allo.