Zoom da Mise à l'échelle: wanne ne ke kaiwa ga takarda?

"Salamu alaikum ƴan uwa. Na shirya makin ɗalibai 60 na ajina a Excel, kolon 14. A fuskar kwamfuta komai na fita sarai don na rage Zoom zuwa 60%. Amma da na je bugawa, kolon na ƙarshe sun ɓace. Yaron da ke wurin ya danna wani abu, duka suka shigo, sai dai rubutun ya koma kamar ƙwan kifi. Ina kuskuren yake?"

Wa alaikumus salam, Malam. Makinka na nan lafiya lau, abubuwa biyu ne masu kama da juna suka rikita ka, saboda dukansu da kashi cikin ɗari ake auna su.

Zoom, wanda ke ƙasa ta hannun dama, na idonka ne kawai. Kamar ka ja da baya ne daga allon aji don ka ga rubutun gaba ɗaya: allon bai ragu ba, kai ne ka matsa. Ko ka sa shi 10% ko 400%, firinta ba ta ma san an yi ba. Shi kuwa Mise à l'échelle, da ke cikin Fichier sannan Imprimer, shi ne ke rage ko ƙara girman abin da zai hau takarda da gaske. Marges kuma su ne farin filin da ake bari a gefe. Ba su taɓa girman rubutu, fili kawai suke ci ko su saki.

Mu yi lissafin da naka. Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta kusan 30. Gefen da Excel ke bari da kansa ya kusa santimita 2 a kowane ɓangare, sai ya rage maka kusan 17 da rabi. Mu ƙaddara kolon 14 ɗinka sun kai santimita 30. Ka ga abin da ya wuce 17 da rabi ba shi da wurin zama. Ba gogewa ya yi ba, an tura shi ne shafukan baya, domin Excel yakan gama saukowa ƙasa kafin ya koma dama. Duba ƙasan hoton shafin kafin bugawa: in ka ga 1 sur 4 alhali shafi biyu kake tsammani, to can suke.

Shi yaron, ina kyautata zaton Ajuster la feuille à une page ya zaɓa. Wannan na cusa komai a shafi ɗaya ko ta halin ƙaƙa. Santimita 30 cikin 17 da rabi ya zama kusan 58%, rubutu mai girman 11 ya dawo 6 da ɗan wani abu. Uban yaro da zai nemi makin ɗansa a jikin bango sai ya ari tabarau.

Ni ga yadda zan yi. Na farko a kwantar da takardar, wato Orientation Paysage. Fili ya koma santimita 26, girman ya tsaya wajen 87%, rubutu ya haura 9. In ka sa Marges a kan Étroites, ka ƙara samun santimita biyu, girman ya zama kusan 94%, ragin da ido ba ya ma lura da shi. Sai a zaɓi Ajuster toutes les colonnes à une page. Bambancinsa da na yaron shi ne faɗi kaɗai yake matsewa, ya bar tsawo ya zuba shafi na biyu. Ɗalibai 60 a takarda kwance shafi biyu za su ci, ka haƙura da kuɗin shafi guda. In ka tilasta su a ɗaya, ka koma kusan rabin girma.

Kada dai ka kai gefen zuwa sifiri, yawancin firinta ba sa iya zuba tawada har bakin takarda, sai su datse lambar ƙarshe.

In ka yi duk wannan rubutun bai daina ƙanƙancewa ba, kuma ka ga farin fili mai yawa a dama, akwai wani abu da ya ɓuya nesa, wataƙila harafi ɗaya da hannu ya taɓa a kolon mai nisa. Danna Ctrl+Fin ka ga inda zai jefa ka. Ya taɓa samuna a wani wurin buga takardu kusa da babbar kasuwa, na biya shafi uku kafin in gano aya guda ce ke jan shafin. Ka zaɓi iyakar makin da kake so, ka shiga Mise en page, Zone d'impression, Définir.

Ka kuma tabbatar an rubuta A4 a wurin girman takarda. Kwamfutocin da aka girka da Turancin Amurka sukan zo da Letter, wadda ta gaza A4 tsawo da kusan santimita 2, kuma a kwance wannan gibin a kan kolon ɗinka na ƙarshe yake faɗawa.