Tallan rediyo na daƙiƙa 30: wane iri ya dace da mai sayar da kujeru gabanin Sallah?

Da azumi ya raba tsakiya, masu shagunan kujeru da gadaje a Kasuwar Katako da titin Bauchi a Jos sukan fara tunanin kai talla rediyo. Idan ka shiga sashen talla na gidan rediyo, ko PRTV ne ko Highland FM ko Unity FM, abin da za a yi maka bai wuce iri uku ba: murya ɗaya tana karanta saƙo, ko 'yar hira tsakanin mutum biyu, ko waƙa. Kafin ka zaɓa, ka san cewa daƙiƙa 30 ba ta ɗaukar fiye da kalma 70 zuwa 75 idan ana so a ji kowace kalma.

Waƙa tana zama a kunne, har yara su riƙa rera sunan shagonka. Sai dai ta fi tsada, don za ka biya mawaƙi da situdiyo, kuma kiɗa yakan danne farashi da adireshi. Ta dace da mai son a san sunansa shekara guda cur. Rangwamen mako biyu kuwa, kafin waƙar ta kama bakin mutane Sallah ta wuce.

Hira, irin ta maigida da uwargida suna ƙorafin kujerar falo ta lotsa ga baƙi na tafe, tana jan hankali. Matsalarta lokaci ne. Sallama da gaisuwa da ƙorafi sukan cinye daƙiƙa 12 ko fiye kafin a ambaci shago, sai ka ji a ƙarshe ana zubo adireshi a guje. In kana son hira, ka sayi daƙiƙa 60.

Ni dai ga mai rangwamen Sallah, murya ɗaya nake ba da shawara, da kiɗa ƙasa-ƙasa ko ma babu. Ga misali, sunan shago da farashin na kwatance ne:

"Jama'ar Jos, Sallah ta matso! Saitin kujeru mai zaman mutum bakwai, da ake sayarwa naira dubu ɗari huɗu da hamsin, yanzu ya koma dubu ɗari uku da tamanin a shagon Wane. Za mu kai maka har gida kyauta a cikin Jos. Rangwamen zai ƙare ranar jajiberin Sallah. Shagon Wane, Kasuwar Katako, layin kafintoci, daura da masallaci. Shagon Wane, Katako. A zo a zauna a kai, a gwada kafin a biya."

Kalma 70 ke nan. Kaya ɗaya aka ambata. Na sha ganin mai shago ya dage sai an jero gado da katifa da wadirof da teburin cin abinci da madubi, mai sauraro kuma ya tashi bai riƙe ko ɗaya ba. Wanda kujera ta kawo shi, idonsa zai nuna masa gadon. An faɗi tsohon farashi da sabo, don "gagarumin rangwame" kowa na faɗa, amma ragin naira 70,000 abu ne da magidanci zai lissafa yana tuƙi. Da gangan aka rubuta kuɗin da kalmomi, saboda 450,000 a takarda kamar kalma ɗaya ce, a baki kuwa shida ce har da nairar.

Za ka lura babu lambar waya. Lamba 11 tana cin kusan daƙiƙa 6, in an maimaita ta 12, kuma mai keke Napep ko mai girkin buɗa-baki ba biro a hannunsa. Sunan shago sau uku da kwatancen da ɗan Jos ya sani sun fi amfani. In lambar ta zama dole, a cire wata jimla, kada a ce mai karatu ya ƙara sauri.

Kafin ka amince da rubutun, kunna agogon waya ka karanta da ƙarfi. Ya kamata ka gama a daƙiƙa 27 ko 28. Idan an naɗa, kada ka saurara a lasifikar situdiyo kaɗai. Sa shi a ƙaramar waya a bakin shago cikin ƙarar injin yanka katako, ka tambayi yaron shagon makwabta farashi da wurin da aka ce. In ya kasa faɗa, a sake.

Wajen ciniki ka tambaya ko kuɗin da aka yanka ya haɗa da naɗa murya ko na sakawa ne kawai, ko za a ba ka kwafin ka kai wata tasha, da kuma wa zai kula da tantancewar hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta ɗora wa duba talla kafin ya fita. Ka nemi a rubuta maka lokutan sakawa a takarda. Na kusa da labarai ya fi tsada, amma sau uku a yini a lokacin da ake saurare ya fi sau takwas da tsakar dare. Ka kuma tabbata an tsayar da tallan ranar jajibere, kada mutane su zo bayan Sallah suna neman farashin da ka riga ka janye.