Kwalaben koyon jin ƙamshi da na saya, bayan wata huɗu

Ni dai mura ce mai zafi ta kwantar da ni sati ɗaya, na warke, hanci ya buɗe sarai amma babu ƙamshi babu wari. Harshe na aiki, ina jin zaƙi da gishiri da tsami da ɗaci, amma miyar kuka da daddawarta ji nake kamar ruwan gishiri mai yauƙi. Ranar da na tsorata shinkafa ce ta ƙone ina tsaye a kicin ɗin, sai da ƴata ta rugo daga falo tana Mama hayaƙi! Tun ranar ita ke sunsuna min gas da madara da ragowar miya, har kayan jikina wallahi, don turare ma a makance nake fesawa.

Likita ne ya ce in gwada atisayen sunsuna ƙamshi, na yi odar kayan ta intanet. Ƴan kwalabe huɗu ne, wardi, lemun tsami, kanumfari, sai na ganyen bishiyar turare mai kama da man zafi. Su huɗun ne wani masani mai suna Thomas Hummel ya yi bincike da su a Dresden ta Jamus, aka wallafa a 2009. Safe da yamma kowacce kamar sakan 20, a hankali ake sunsuna ba zuƙa da ƙarfi ba, kina yi kina tuno yadda ƙamshin yake a da, har sati 12 aƙalla. Jijiyoyin ƙamshi na can saman hanci suna sake tsirowa, atisayen taimaka musu yake su sake haɗuwa da ƙwaƙwalwa daidai.

Sati biyar ba komai, iska kawai nake shaƙa kamar wata zautacciya, har na kusa jefar da su. A na shida kanumfari ya ɗan leƙo, can nesa. Sai kuma abin da takardar cikin kwalin ba ta faɗa ba ya zo, albasa in ana soyawa warin ƙonanniyar roba, nama da ƙwai kamar sun ruɓe, na koma gun likita hankali tashe ya ce hakan na yawan faruwa in jijiyoyin sun fara farfaɗowa. Abinci mai sanyi ya fi shigar min lokacin, fura da nono na rayu a kai.

Ƙorafina murfin ba ya rufuwa gam, na lemun ya sane tun wata biyu kuma ni ina zan sani? Ƴata ce ta ce ai ba komai a ciki. Kuɗin ma ya yi yawa gaskiya, kanumfari da ɓawon lemu da humra a kwalba mai murfi za su yi aikin. In kin saya ki ajiye nesa da rana, ki sa mai lafiyar hanci ya riƙa duba miki.

Yanzu uku sun dawo, wardi har yau shiru. Jiya na ji turaren wutan maƙwabciyata ta katanga, albasa dai har yanzu ƴata ke soyawa.