Wata huɗu da barin insulin mai gauraye: na samu sauƙi, amma ina da ƙorafi

Shekara shida ina yin allurar insulin mai gaurayen nan, 30/70, sau biyu a rana. Raka'a 22 da ƙarfe bakwai na safe, raka'a 12 kafin tuwon dare. Duk wanda ya yi amfani da ita ya san kalarta, fara-fara kamar an diga madara a ruwa, sai ka mulmula kwalbar a tafin hannu kafin ka zuƙa. Ban taɓa tambayar abin da 30 da 70 ɗin suke nufi ba, sai da ta kusa kayar da ni a Kantin Kwari.

Wata Talata ce. Na yi allurata ƙarfe bakwai, na jira rabin awa kamar kullum, na sha koko da ƙosai na fita. Wajen sha biyu aka kira ni jana'izar wani maƙwabcinmu. Daga maƙabarta na zarce kasuwa don mota ta kawo kaya, na ce bari in ƙirga diloli tukuna sannan in ci abinci. Biyu da kwata sai na ji hannuna yana rawa, gumi ya jiƙa min riga sharkaf, zuciyata tana dukan uku-uku. Ina kallon takardar lissafi, lambobin suna rarrabuwa biyu. Ƙanina da muke shago tare ya ce, "Yaya, maganarka fa ba ta fita daidai." Ya ɗauko na'urar awon sukari a jakata ya soki yatsana, ta nuna 52. Ƙasa da 70 ma an shiga haɗari. Ya jiƙa sukari cokali ɗaya babba a ruwa ya ba ni, bayan minti goma sha biyar muka sake awo, 66, ya ƙara min wani cokalin. Sai da ta haura 90 na iya cin shinkafar da aka sayo min. Na yini jikina a mace.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne, a lissafina allurar safe ta gama aikinta tun hantsi. Ashe ba haka ba ne. Da na koma asibiti likita ta zana min a takarda. Kashi 30 na kwalbar insulin ce mai gajeren zango, wadda take fara aiki bayan kamar rabin awa, ta kai ƙololuwa tsakanin awa biyu zuwa huɗu, ta ƙare a awa shida zuwa takwas. Ita ce ta karin kumallo, kuma saboda ita ake cewa ka jira rabin awa kafin ka ci. Kashi 70 kuwa NPH ce, mai matsakaicin zango. Ita ba ta sauri: sai bayan awa ɗaya ko biyu take farawa, ƙarfinta ya taru daga awa huɗu zuwa goma, ta ja har awa goma sha biyu ko fiye. Likitar ta ce, "Malam, allurar bakwai na safe, ƙarfe biyu na rana take tsakiyar ƙarfinta. Ta riga ta shiga jiki, ba ta san kana maƙabarta ba. Tun safe ka ɗaukar mata alkawarin abincin rana." Shekara shida ina ɗaukar wannan alkawari ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa min, kuma har yanzu abin yana ci min rai.

Ta canza min tsari. Gilajin, mai dogon zango, raka'a 14 ƙarfe goma na dare. Wannan fara ce tas kamar ruwa, ba a mulmula ta, kuma ba ta da wata ƙololuwa mai ƙarfi, tana tafiya a hankali kusan awa ashirin da huɗu. Ba ta abinci ba ce, aikinta riƙe sukarin da hanta take fitarwa dare da rana. Sai asfat, mai saurin aiki, raka'a 6 a bakin kowane abinci. Tana farawa cikin minti goma zuwa ashirin, ta kai ƙarfinta a awa ɗaya zuwa biyu, kafin awa biyar ta fita. Waɗannan raka'o'in nawa ne, da awon sukarina aka yanka su, kada wani ya kwafa.

Makonnin farko na ji kamar an kwance min dabaibayi. Idan ciniki ya riƙe ni har la'asar ban ci ba, in auna in ga 110 ko 120, lafiya lau, domin ba wata allura da take jiran tuwo a cikina. Ranar da ban ci abincin rana ba, ba na yin asfat ɗin rana, shi ke nan. Farkawar da nake yi ƙarfe biyu na dare cikin gumi, wadda NPH ɗin yamma take jawo min jefi-jefi, ta ɗauke. Na dinga yaba ta a majalisa har aka gaji da ni.

To amma hannu ya saba da tsohuwar al'ada. Wani dare na ji Hajiya ta ce tuwo ya kusa, sai na yi asfat ɗina kamar yadda na saba da waccan, da niyyar in jira rabin awa. Gas ya ƙare mata, aka koma gawayi. Minti arba'in da biyar babu tuwo, sai ga rawar hannun nan ta dawo, na auna 61. Dabino uku da ruwan sukari suka tsayar da ni. Mai saurin nan ba ta da haƙurin da waccan take da shi ko kaɗan. Yanzu sai na ga kwano a gabana, na wanke hannu, sannan nake ɗaukar biron allurar.

Wani abin kuma, sauri take ƙarewa. In na ci masa ko shinkafa da mai da nama da yawa, maiƙon yana jinkirta narkewar abincin, sai awa huɗu ko biyar bayan cin in ga sukari ya hau 200 alhali allurar ta tafi. Sau ɗaya na fusata na ƙara raka'a 4 awa biyu kacal bayan ta farko, suka haɗu a jiki suka janyo ni ƙasa. Likita ta hana ni maimaita wannan, ta ce kada in ɗora wata a kan wata kafin awa huɗu.

Ga yawan sukar fata. Daga biyu na koma huɗu a rana, ga sukar yatsa, ga tsinken awo da yake ƙarewa kamar ana sha. Kuɗin ba sai na faɗa ba, kun san yadda biron yake a kemis yanzu, kuma biro biyu ne daban-daban, ba a haɗa gilajin da wata insulin a sirinji ɗaya. Dukansu farare ne tas, sai da na ɗaura jan zare a na abincin don kada in rikita su da dare. Ga zafin Kano a watan Afrilu: biron da aka buɗe kwana 28 ne, kuma ba ya son zafin da ya wuce digiri 30, shagonmu kuwa ya fi haka. Ina naɗe na rana a jiƙaƙƙen tsumma cikin ƙaramin kula, na gida kuma in wuta ta daɗe ba ta zo ba yana cikin leda a gindin randa.

Maƙwabcina ɗan fansho, wanda yake cin abincinsa a kan lokaci kullum, yana nan a kan 30/70 ɗinsa, kuma na ce masa ban ga dalilin da zai sa ya ninka kuɗi ba. Ni da kasuwa take juya min yini ba zan so komawa ba. Amma a ƙarshen watan jiya, da na tsaya gaban kanta da takardar magani a hannu, sai da na tambayi yaron kemis ɗin nawa tsohuwar kwalbar take yanzu.